Kundin aiki: sauya tufa a hoto ɗaya ta hanyoyi uku

Litinin, 6 ga Oktoba 2025

Aikin na kundin tallan wani shagon ɗinki ne. Ana son mutum ɗaya ya fito cikin ɗinki iri-iri ba tare da an sake ɗaukarsa hoto duk lokacin da aka fitar da sabon salo ba, sai dai a sauya masa tufa a hoton da modal, wato manhajar AI mai ƙirƙiro hoto. Mutumin ya ba da izini a rubuce cewa a sauya masa kaya don wannan kundi kawai, kuma ba ma taɓa hoton kowa sai da irin wannan izini.

Hoton asali: namiji a tsaye, daga kai har ƙafa, sanye da baƙar riga mai gajeren hannu da wandon jins shuɗi. Bayansa bango ne ruwan ƙasa, akwai agogo a hannunsa na hagu, inuwarsa ta faɗi gefen dama. Mun yanke hoton zuwa fiksel 832 a faɗi, 1216 a tsayi, domin wannan yana cikin girman da SDXL, modal ɗin da muka fara da shi, ya saba da su.

Abin da ake so: farin kaftani na shadda mai dogon hannu, ya sauka ƙasan gwiwa, da aikin zare a wuya. Idan wannan ya yiwu, sai babbar riga.

Ma'auninmu huɗu ne, kuma da su za mu auna kowace hanya. Fuskar tasa ce har yanzu? Bango da agogo suna nan yadda suke, inuwa kuma ta dace da rigar? Rigar ta yi fasalin da tela zai yarda da shi? Aikin wuyan ya yi kama da aikin zare ko kuwa zanen banza ne? Don gane abin da ya motsa, muna ɗora sabon hoto a kan na asali a manhajar gyaran hoto ta GIMP, mu sa yanayin shafin sama a `Difference`. Duk inda bai canja ba yana fitowa baƙi ƙirin, duk inda ya canja yana haske. Ido kaɗai yakan yi kuskure a nan, musamman a fuska.

Laraba, 8 ga Oktoba

Hanyar farko: rubutu zalla. Ba a ba modal hoto ko ɗaya, sai bayani. Yana farawa daga hazo tsantsa, wato ɗige-ɗige irin na talabijin da ba ta kama tasha ba, yana ta share hazon mataki-mataki har hoto ya fito. Lambar `seed` ce ke ƙayyade wane hazo aka fara da shi.

Mun yi amfani da SDXL, matakai 30, `seed` a kulle. Muka rubuta bayanin mutumin da baƙar riga, sannan muka canja kalmomin tufa kawai:

```
full-body photo of a West African man, long white brocade tunic,
embroidered neckline, long sleeves, plain brown wall, daylight
```

Rigar ta fito da kyau, har ta fi abin da muke tsammani. Amma mutumin wani ne daban. Ko tsakanin hotunan biyu da ke da `seed` ɗaya, tsayuwar ta yi kama, hasken ya yi kama, amma hanci da haɓa da faɗin kafaɗa duk sun canja. Dalilin shi ne kowace kalma tana shafar hoton gaba ɗaya a kowane mataki. Babu wani wuri a cikin tsarin da aka keɓe aka ce nan na tufa ne, can na fuska ne. `seed` yana riƙe hazon farko, ba ya riƙe mutum.

Abubuwa biyu muka ƙaru da su duk da haka. Na farko, kalmomi. Idan aka rubuta `kaftan` ita kaɗai, modal ya fi karkata ga doguwar rigar mata irin ta Maroko ko ta bakin teku. `babbar riga` kuwa kusan ba ta ba da komai tabbatacce. `agbada` da `boubou` sun fi kamawa, don su ne suka fi yawa a rubuce-rubucen Turanci da Faransanci da ke tare da hotuna a intanet, sai dai sukan zo da salon ɗinki da hula irin na kudu ko na Senegal. Abin da ya fi aiki shi ne a bar suna a siffanta fasali: tsawo, faɗin hannu, irin wuya, irin yadi.

Na biyu, launi yana malala. Da muka ƙara cewa zaren ruwan gwal ne, bango ma ya ɗauki ruwan gwal, wani lokacin har takalmi. Mai karanta rubutu na SDXL, wato CLIP, ba shi da ƙarfi wajen ɗaure sifa ga abin da aka siffanta, kuma gurbinsa gutsuren kalma 77 ne kacal, biyu daga ciki ma na alamar farawa da rufewa ne. Dogon bayani ba ya magance wannan, yakan ƙara dagula shi.

Hukunci: rubutu zalla bai sauya wa kowa kaya ba, sabon mutum ya ƙirƙiro cikin sabbin kaya. Yana da amfani wajen neman salo da gwada kalmomi da arha, shi ke nan.

Asabar, 11 ga Oktoba

Hanya ta biyu: hoto zuwa hoto, abin da manhajoji ke rubutawa `img2img`. Yau ce ranar da ta fi cin lokaci, kuma ita ce ta fi bayyana mana inda gizo ke saƙar.

Yadda yake aiki: ana matse hoton asali ta VAE, sashen da ke mai da hoto ƙaramin tsarin lambobi da modal ke aiki a kai, a zuba masa hazo gwargwadon lambar `strength`, sannan modal ya share hazon yana bin bayanin da aka rubuta. Dabarar ta samo asali ne daga aikin da aka sani da SDEdit na shekarar 2021. Abin lura shi ne hoton asali sau ɗaya yake shiga, a farko, kuma a gurɓace. Bayan nan modal ba ya sake ganinsa. Duk abin da hazon ya cinye ya tafi ke nan, sai dai modal ya cike gurbin da abin da ya ga dama.

```python
out = pipe(prompt=p, image=src, strength=0.6,
           num_inference_steps=30, guidance_scale=6.0).images[0]
```

A diffusers, kayan aikin Python da aka rubuta layukan sama da shi, matakai 30 da `strength` 0.6 na nufin matakai 18 ne kawai za su gudana, an tsallake 12 na farko. A manhajar ComfyUI ba haka ba ne: `denoise` 0.6 da matakai 30 yana gudanar da 30 ɗin duka, sai dai a cikin ɓangaren ƙarshe na jadawalin hazon. Wanda ke kwatanta sakamako tsakanin manhajojin biyu ya lura da wannan, don lambobi ɗaya ba sa nufin aiki ɗaya.

Mun hau tsani daga 0.3 zuwa 0.9, bayani ɗaya, `seed` ɗaya. A 0.3 baƙar rigar tana nan daram, sai dai fatar fuska ta yi sumul kamar an shafa hoda, lambobin agogo sun narke. A 0.45 wani ɗan zane ya fara fitowa a wuyan rigar, amma rigar baƙa ce, hannunta gajere. A 0.6 aka samu wata riga ruwan toka mai duhu, ta ɗan yi tsawo, jins yana leƙowa ta cikinta kamar an rina shi, fuska kuma ta zama ta ɗan'uwansa, ba tasa ba. Sai a 0.75 zuwa 0.8 farin kaftani ya fito sosai, amma a nan mutumin ya riga ya tafi, agogo ya koma wani abu ko ya ɓace. A 1.0 babu bambanci da rubutu zalla, don babu abin da ya rage na hoton asali.

Wannan jeri ba tsautsayi ba ne. Hazo yana cin ƙananan abubuwa da wuri, manyan abubuwa a ƙarshe. Siffar ido, layin gashin baki, lambar agogo, su ne ƙanana. Babban baƙin fili a ƙirji da shuɗin fili a ƙafa, su ne manya. Wato abin da muke so mu riƙe shi ne ke fara mutuwa, abin da muke so mu kawar shi ne ke da taurin kai. Babu wata lamba a tsakiya da za ta ba da farar riga da fuskar asali a lokaci guda. Mun nema da tazarar 0.05, babu.

Lissafin girma yana ƙara fayyace lamarin. VAE yana matse kowane gefe sau 8, don haka hotonmu na 832 da 1216 ya koma gurbi 104 da 152 a ciki. Kan mutumin a hoton tsaye bai wuce fiksel 150 a tsayi ba, wato kusan gurbi 19. Ido ɗaya gurbi biyu ne ko uku. Da ɗan wannan ake so a riƙe kamannin mutum. Ko an sa `strength` kusan sifili, shiga da fita ta VAE kaɗai yana ɗan taɓa ido da haƙori, kuma `Difference` yana nuna hakan.

Wani kuskure da muka gwada da gangan: rubuta umarni a wurin bayani, kamar a ce a cire baƙar riga a sa fara. SDXL ba a koya masa bin umarni ba, an koya masa dacewa da bayanin hoto ne. Kalmar cirewa ba ta yi masa komai, amma kalmomin baƙar riga ya ji su sarai, sai ya ƙara ƙarfafa ta. A wannan hanya ana rubuta hoton ƙarshe ne kawai, kada a ambaci tsohuwar tufa ko da don a kore ta.

Inda hanyar ta yi kyau: da muka nemi baƙar riga ta zama baƙar riga mai ɗan aiki a wuya, 0.4 ya isa. Idan launi da fasali ba za su canja ba, sai laushin yadi ko ƙyalli, tana aiki.

Talata, 14 ga Oktoba

Maganin matsalar Asabar shi ne shaci, abin da ake kira `mask` a allo: a shata wurin da aka yarda a taɓa, a bar sauran. Har yanzu dangin hoto zuwa hoto ne, amma yanzu ana iya tura `strength` sama a kan jiki ba tare da an rasa fuska ba.

Shacin farko mun ciro shi ne da Segment Anything, modal mai ware abubuwan da ke cikin hoto, ya bi gefen baƙar rigar daidai wa daida. Sakamako: farar riga mai gajeren hannu, tsawonta iya ƙugu. Laifinmu ne ba na modal ba. Shaci ba na tsohuwar tufa ba ne, na wurin da sabuwar za ta zauna ne. Kaftani yana bukatar hannaye har wuyan hannu, cinya har ƙasan gwiwa, da ɗan sarari a gefe inda yadi zai sake. Muka sake zana shi da hannu, muka faɗaɗa da fiksel 20 ko'ina, muka bar tafin hannu, agogo da wuya a waje. Gefen shacin muka tausasa da fiksel 8 zuwa 12. Ƙasa da haka ana ganin layin ɗinkin hoton, sama da haka fari yana hawa haɓa.

Abu na biyu shi ne abin da ke ƙarƙashin shacin. Idan aka bar baƙar rigar a ciki aka sa 0.7, toka-tokar nan ta dawo. Hanyoyi biyu ne. Ko a yi amfani da modal ɗin da aka horar musamman don cike gurbi, wanda ke karɓar shacin da sauran hoton a matsayin ƙarin bayani a kowane mataki, a sa `strength` 0.99. Ko kuma a ɗauki buroshi a GIMP a shafa farin fasalin kaftani a kan hoton, ko da zanen yara ne, sannan a sa 0.65 zuwa 0.7. Ta biyun ta fi ba mu iko. Tunda manyan filayen launi su ne ke tsira daga hazo, sai mu ba shi filin da muke so ya tsira. Tsawon riga da faɗin hannu sun bi zanenmu kusan daidai. Farin ma ba mu sa shi tas ba, mun ɗan duhunta gefen da ke nesa da haske, in ba haka ba rigar takan fito shimfiɗe kamar takarda.

Matsalolin da suka rage: inuwar da ke bango ta mai wando ce, ba ta mai doguwar riga ba, sai da muka shigar da ita cikin shaci. A wuyan hannu kuma, inda yadi ya haɗu da agogo, wani lokaci ana samun guntun fata a saman hannun riga. Ƙaramin shaci na biyu a wurin, da 0.5, ya gyara.

Bayan an gama dole a mayar da fiksel ɗin asali a wajen shaci, don wasu tsare-tsaren suna bi da hoton duka ta VAE:

```python
final = Image.composite(out, src, soft_mask)
```

Da wannan, `Difference` ya fito baƙi ƙirin a fuska da bango. Ita ce hanya ta farko da ta ci ma'auni biyu na farko ba tare da gardama ba. Kuɗinta shi ne aikin hannu a kowane hoto.

Asabar, 18 ga Oktoba

Hanya ta uku: gyara da umarni. Mun fara da tsohon hannu, InstructPix2Pix, na Tim Brooks, Aleksander Holynski da Alexei Efros daga jami'ar Berkeley, wanda ya fito a Nuwamba 2022. Ba don muna sa ran ya fi ba, sai don a cikinsa ne bambancin ya fi fitowa fili.

A nan ana farawa daga hazo tsantsa kamar rubutu zalla, amma hoton asali yana shiga a tsabtace a kowane mataki, a gefen hazon. Ba a gurɓata shi. An kuma horar da modal ɗin da misalai sama da 450,000 na hoto kafin gyara, umarni, da hoto bayan gyara. Don haka ya koyi abin da SDXL bai taɓa koya ba: abin da umarni bai ambata ba a bar shi.

Maɓallai biyu gare shi maimakon ɗaya. `guidance_scale` na jan hoto zuwa ga umarni, ya saba zama 7.5. `image_guidance_scale` na jan shi zuwa ga hoton asali, ya saba zama 1.5. A 1.5 rigar ta yi fari amma fasalinta bai motsa ba. Da muka sauke zuwa 1.1 ta yi tsawo, amma bango ya yi fari, fatar mutumin ma ta yi haske. An gina shi a kan Stable Diffusion 1.5 mai aiki a kusan 512, don haka fuska a hoton tsaye ta lalace ko yaya aka juya. Ya iya rini, bai iya ɗinki ba. Mun ajiye shi.

Talata, 21 ga Oktoba

FLUX.1 Kontext na Black Forest Labs, nau'in `dev` da aka saki a Yuni 2025. Sigoginsa biliyan 12 ne, wato kusan gigabait 24 a cikakken nauyi, don haka mun ɗauki na `fp8` mai kusan rabin haka don ya zauna a katin girafik tare da sauran kayan aikinsa. Lasisin `dev` ba na kasuwanci ba ne, a nan gwaji muke yi, kuma sai an warware wannan batu kafin a fitar da kundin.

Tunani ɗaya ne da na InstructPix2Pix, gini ne ya bambanta. Ana yanka hoton asali gutsu-gutsu, kowane gutsure na wakiltar fiksel 16 da 16, a jera su tare da gutsuren sabon hoton da ake ginawa. Kowane sashe na sabon hoton na iya duban kowane sashe na tsohon a duk mataki. Shi ya sa yake iya ɗauko fuska yadda take, ya kuma san inda hannu yake a ƙarƙashin yadin da bai wanzu ba tukuna. Shi ya sa kuma ya fi jinkiri: gutsuren da ake lissafi a kansu sun ninka.

Gwajin farko ya ba da mamaki ta fuska biyu. Kaftanin ya fito da dogon hannu, inuwar bango ta canja da kanta ta dace da shi, agogo yana nan, duk ba tare da shaci ba. Amma `Difference` ya haska ko'ina, kowane gefe ya fito da layi biyu. Da muka duba, hoton ne ya miƙe. Kontext yana da jerin girman da ya fi so, duk kusan megafiksel ɗaya, kuma 832 da 1216 ba ya ciki. Na kusa shi ne 832 da 1248, sai aka ja hoton da fiksel 32. Muka sake yanke hoton asali zuwa 832 da 1248, wato gutsure 52 da 78, jimilla 4,056, muka kuma faɗa wa manhajar girman fitarwa da kanmu. Layi biyun ya ɓace.

Umarnin da ya tsaya, da `guidance` 2.5 da matakai 28:

```
Change the man's black t-shirt and jeans to a long white brocade tunic
reaching below the knees, long sleeves, matching white trousers.
Keep his face, pose, wristwatch and the wall unchanged.
```

A lura cewa a nan an ambaci baƙar rigar, abin da muka hana a hoto zuwa hoto. Wannan modal yana bukatar a nuna masa abin da za a canja, kuma mai karanta rubutunsa ya fahimci jimla, ba tarin kalmomi kawai ba. Abubuwa uku muka tabbatar a kan rubuta umarni. Idan aka ce a mai da mutumin wani abu, da kalma irin `transform`, yakan ɗauka an ba shi damar canja mutumin duka. Gara a ce a canja tufarsa. Idan ba a ambaci wando ba, jins yakan rage a ƙarƙashin farar shadda, don ba a ce a taɓa shi ba, kuma gaskiyarsa ce. Idan kuma aka ba shi bayanin hoto zalla irin na Laraba, babu fi'ilin umarni, wani lokaci ya mayar da hoton yadda yake, wani lokaci ya sake gina wurin.

Ko da aka daidaita girma, `Difference` bai yi baƙi ƙirin ba. Akwai ɗan haske a fuska da bango. Umarnin a bar fuska roƙo ne, ba kulle ba. Kowane fiksel na hoton sabo ne, an sake zana shi ne da kyakkyawan kwaikwayo. A wasu `seed` ɗin fatar ta ɗan yi haske ko ja, abin da mai hoton zai gane nan take ko da baƙo bai gane ba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Babbar riga. Nan ne fasali ya canja gaba ɗaya, don yadin yana fita nesa da jiki ta gefe biyu, ya rufe hannaye, ya taru a kafaɗa idan an naɗe.

Da shaci, sai da muka shata kusan rabin faɗin hoton, kuma modal ya rasa inda hannaye suke, har aka samu tafin hannu yana fitowa daga tsakiyar yadi. Ƙara ControlNet na OpenPose, wanda ke ba shi ƙashin tsayuwar mutumin, ya rage wannan. Mun guji na `canny` da na zurfi, don su suna ɗauko gefen tsohuwar rigar su tilasta wa sabuwar ta bi shi, sai babbar riga ta fito a ɗame. Kontext ya fi iya zubin yadi da naɗin kafaɗa, da siffantawa irin ta faffaɗar riga mai faɗin hannu har ƙasa a kan doguwar riga ta ciki. Sai dai yakan ƙara wa mutumin ƙiba a wuya da kumatu don su dace da girman rigar.

Mun kuma gwada gyara a kan gyara: riga, sannan hula, sannan launin zare, sannan takalmi, kowanne a kan sakamakon na baya. Zuwa zagaye na huɗu ko na biyar fata ta fara ƙyalli kamar roba, bango ya yi ɗige-ɗige, fuska ta ɗan kauce. Kamfanin da kansa ya ambaci wannan lalacewa cikin gazawar modal ɗin. Dalilin a fili yake: kowane zagaye kwafin kwafi ne. Tsarinmu yanzu shi ne a koma hoton asali kullum, a haɗa canje-canje biyu ko uku a umarni ɗaya, ko a yi kowanne daban daga asali a haɗa su a GIMP.

Haɗin da muka tsaya a kai: Kontext ya yi rigar da inuwarta. A ɗora sakamakon a kan asali, a ciro shaci daga inda `Difference` ya yi haske sosai, a tausasa gefensa, a mayar da fuska, tafin hannu da bango na asali. Umarni ya yi ɗinki, shaci ya yi gadi. Idan launin wuya bai dace da na fuska ba a mahaɗa, ƙaramin cike gurbi da 0.25 a kan layin ya isa.

Talata, 28 ga Oktoba

Ma'auni na huɗu har yanzu babu hanyar da ta ci. Telan shagon ya duba hotunan babbar rigar, ya ce yadin ya yi, amma aikin ba aiki ba ne. Aska takwas tana da tsari sananne: dogayen siffofi masu tsini kamar wuƙa a jere a gefen aljihun hagu da wuya, tare da tambari. Abin da modal ke fitarwa wani ado ne mai daidaito hagu da dama, irin na labule, wanda babu mai ɗinki da zai iya karanta shi. Hular ma haka: daga nesa kamar zanna, daga kusa zanen ba ya maimaituwa yadda saƙa take yi.

Dalili biyu ne, kuma maganinsu daban. Ɗaya na girma ne: a hoton tsaye layin zare bai wuce fiksel biyu ko uku ba, ƙasa da gurbi ɗaya. Wannan yana gyaruwa idan aka yanke ƙirji kawai aka faɗaɗa shi zuwa 1024, aka yi aikin a can, aka rage shi aka mayar, abin da `Only masked` ke yi a manhajar AUTOMATIC1111. Layukan sun fito tsaf da muka yi haka. Amma tsarin bai zama aska takwas ba, don dalili na biyu na sani ne: babu jimlar da za ta koya wa modal zanen da bai gani da sunansa ba. Dukkan hanyoyin uku, duk bambancinsu wajen riƙe mutum, ta rubutu suke karɓar sabuwar tufa, kuma nan ne suka yi tarayya a gazawa.

Don haka mataki na gaba shi ne a ba da rigar a matsayin hoto. Qwen-Image-Edit-2509, wanda ya fito a Satumba, yana karɓar hoto fiye da ɗaya, don haka za mu ba shi mutumin a hoto na farko, rigar shagon a na biyu. An roƙi shagon ya ɗauki babbar riga biyu a shimfiɗe a kan farin zani, daga sama kai tsaye, cikin hasken inuwa, da ƙarin hoton ƙirji na kusa inda ake iya ƙirga askar. Idan tsarin aikin ya karkace duk da haka, za mu yanko aikin daga hoton rigar gaske, mu lanƙwasa shi a kan ƙirjin da `Cage Transform` na GIMP, sannan mu bi da cike gurbi a 0.2 zuwa 0.3 don ya zauna cikin ninkin yadi. Hotunan rigunan za su iso ranar Alhamis.